Janye amincewa da tayin aiki bayan an sa hannu: lamarin wani matashin akanta da wasiƙunsa uku

Asalin lamarin, 1 zuwa 9 ga Yuli

Matashin da wannan nazari ya shafa akanta ne mai shekara ashirin da bakwai, mazaunin Zariya, wanda ya gama bautar ƙasa ya kuma shafe kusan shekara biyu yana riƙe wa wani shagon kayan gini littattafan ciniki kafin ya samu abin da za a kira aikin ofis. Ɗan ƙanwata ne, kuma da yake na daɗe ina aiki a sashen kula da ma'aikata, ni ya kawo wa takardun lokacin da al'amarin ya cakuɗe, shi ya sa na san kwanakin da abin da aka rubuta.

Ranar Talata 1 ga Yuli wani kamfani mai rarraba kayan masarufi a Kano ya ba shi takardar ɗaukar aiki a matsayin mataimakin akanta, a kan albashin naira 180,000 a wata, zai fara ranar Litinin 4 ga Agusta. Takardar ta ce watanni uku na farko na gwaji ne, kuma a cikinsu duk ɓangaren da ya so rabuwa zai ba ɗaya sanarwar mako biyu a rubuce, ko ya biya albashin mako biyu a madadinta. Ranar Juma'a 4 ga wata ya sa hannu a ƙasan kwafin takardar, inda aka rubuta cewa ya karanta sharuɗɗan ya kuma amince da su, ya mayar tare da fom ɗin mutum biyu da suka tsaya masa. Ranar Laraba 9 ga wata kamfanin ya tura masa naira 60,000 kuɗin ƙaura, domin ya kama ɗaki a Kano.

Akwai wani abu da ba ya cikin takarda amma ya fi duk abin da ke cikinta nauyi a wajen gidansu. Wani Alhaji, abokin marigayi mahaifinsa, shi ne ya kai takardun yaron ga manajan kamfanin, kuma shi ne ɗaya daga cikin mutum biyun da suka cika fom ɗin tsayawa.

Tayi na biyu, 10 ga Yuli

Tun watan Maris ya yi jarrabawa da ganawa a wani banki, shiru ya yi yawa har ya cire rai. Ranar Alhamis 10 ga Yuli saƙon imel ya shigo da tayin aiki a Abuja, albashi naira 340,000, da inshorar lafiya, da horo na mako shida kafin a tura shi reshe. Sai dai tayin yana rataye da sharaɗi biyu, wato sakamakon gwajin asibiti da tantance takardun makaranta da na bautar ƙasa. Ya je gwajin ranar Asabar, aka ce a jira.

Abin da takarda da doka suka ɗora masa

Da zarar mutum ya sa hannu cewa ya amince da tayin aiki, yarjejeniya ta ƙullu, ko da bai taka ƙofar ofis ba. Mutane da yawa suna ɗauka cewa kafin ranar kama aiki babu abin da ya hau kansu, alhali wanda ya fasa bayan sa hannu yana warware alƙawarin da doka ta sani. Kotu ba ta tilasta wa mutum ya yi wa wani aiki, don haka babu wanda zai ja shi zuwa Kano. Abin da kamfani yake iya nema shi ne diyyar kuɗi, kuma a shari'ar ɗaukar aiki ma'aunin da aka saba amfani da shi shi ne albashin tsawon sanarwar da yarjejeniya ta tanada. Irin waɗannan ƙararraki Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce take sauraron su.

Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 11, ta ajiye mafi ƙarancin sanarwa: kwana ɗaya idan yarjejeniyar ba ta wuce wata uku ba, mako ɗaya daga nan zuwa shekara biyu, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya daga shekara biyar zuwa sama. Matashin ya ga wannan ya ɗauka kwana ɗaya ne a kansa. Ba haka ba ne, saboda dalili biyu. Dokar ta cire masu aikin gudanarwa da na ƙwarewa daga ma'anar ma'aikacin da take karewa, akanta kuwa cikinsu yake; sannan ko ga wanda dokar ta shafa, idan takardar aiki ta ajiye sanarwa mai tsawo fiye da ta doka, ta takardar ake bi. Mako biyun da ya sa wa hannu su ne ma'auninsa. Idan aka ƙirga kwana goma sha huɗu baya daga 4 ga Agusta, ana sauka a kan Litinin 21 ga Yuli. Wasiƙar da ta isa kafin wannan rana ta ba kamfanin cikakken lokacin da shi da kansa ya nema, wadda ta isa bayanta kuma ta buɗe ƙofar a nemi ya biya abin da ya kai kusan rabin albashin wata, ban da naira 60,000 ɗin da ke hannunsa.

Wasiƙa ta farko, 14 ga Yuli

Bai shawarci kowa ba. Kunyar Alhaji ta hana shi cewa ya fasa, tsoron kada bankin ya janye kuma ya hana shi sakin na Kano, sai ya rubuta abin da zai bar ƙofofin biyu a buɗe. Wasiƙun duka da Turanci aka yi su, kamar yadda ake yi a ofisoshi, ma'anarsu ce nake kawowa a nan. Ta farkon ya tura ta ne ta imel ranar Litinin 14 ga wata, ga jami'ar kula da ma'aikata, kuma zuciyarta ita ce wannan:

“Saboda wasu matsaloli na iyali da suka taso ba zato, mai yiwuwa ba zan samu damar kama aiki a ranar da aka tsara ba. Ina fatan za ku fahimce ni, kuma zan sanar da ku yadda ta kasance.”

Washegari amsa ta zo. Hajiyar ta jajanta masa, ta yi addu'ar Allah ya kawo sauƙi, ta ce manaja ya amince a ɗaga masa zuwa 18 ga Agusta, ta kuma tambaya ko akwai abin da kamfanin zai iya taimakawa da shi. Da yamma Alhaji ya kira mahaifiyar yaron yana tambayar wa ba shi da lafiya a gida, domin manajan ya faɗa masa. Ita kuwa ba ta san da wata matsala ba, ta ce lafiya lau suke.

Bayan kwana biyu, abin da ke ƙasa shi ne: amincewarsa tana nan daram, kamfanin ya ƙara masa alfarma a kan dalilin da babu shi, kuma mahaifiyarsa da Alhaji sun riga sun san dalilin ba gaskiya ba ne.

Wasiƙa ta biyu, 16 ga Yuli, wadda ba a aika ba

Ranar Laraba da daddare ya zo gidana da kwamfutarsa. Ya riga ya rubuta wata sabuwa, wannan karon ya kudurta faɗin gaskiya duka. Shafi ɗaya da rabi ce. Ta fara da tarihin yadda ya nemi aiki shekara biyu, ta ambaci sunan bankin, ta jera albashin biyu gefe da gefe, ta bayyana cewa naira 180,000 ba za ta riƙe shi da mahaifiyarsa da ƙannensa ba a tsadar yau, ta nemi gafara sau biyar, na ƙirga. Kalmar da ya yi amfani da ita ita ce ta ajiye aiki. A sakin layi na ƙarshe ya ce da a ce kamfanin zai iya duba albashin, da zai fi son zama kusa da gida. Babu inda ya ambaci kuɗin ƙaura.

Na tambaye shi: idan gobe suka ce sun ƙara maka zuwa 250,000, za ka zauna? Ya yi shiru, sannan ya ce, “A'a Kawu, gaskiya ba zan zauna ba.” Na ce to me wannan layin yake yi a nan? Na sake tambayarsa ko bankin ya tabbatar da cewa sharuɗɗansa sun cika, ya ce tukuna. Muka rufe kwamfutar a kan cewa ba za a aika komai ba sai takardar tabbaci ta zo, don kada ya saki reshe ya kama ganye, amma da safe zai kira bankin ya gaya musu cewa yana da wani alƙawari da dole ya warware kafin ranar 21, yana roƙon a gaya masa matsayinsa.

Abin da aka yi kafin a rubuta ta uku, 17 da 18 ga Yuli

Ranar Alhamis da rana bankin ya aiko da tabbaci a rubuce cewa gwaji da tantancewa sun kammala, ya sa hannu ya mayar. Bayan la'asar ya hau mota zuwa Kano, ya samu Alhaji a zaure bayan sallar isha'i. Ya ba ni labari cewa ya durƙusa ya ce, “Baba, na zo ne in faɗa maka da bakina kafin ka ji a wani wuri. Babu wata matsala a gida, ni ne na rasa yadda zan faɗi magana. Na samu wani aikin, kuma na karɓa.” Alhaji ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce alƙawari kaya ne, kuma abin da ya fi ɓata masa rai shi ne an sa shi ya yi jajen abin da babu. Ya ce shi zai kira manaja da kansa da safe, yaron kuma ya yi abin da ofis ke buƙata.

Ranar Juma'a da ƙarfe tara ya kira Hajiyar. Kiran bai kai minti uku ba. Ya gaishe ta, ya ce ya kira ne ya sanar da ita cewa yana janye amincewarsa, ya karɓi wani aiki, wasiƙa tana tafe kafin azahar, kuma saƙonsa na ranar Litinin bai faɗi gaskiyar dalili ba, yana neman afuwa. Ta tambaye shi ina ne, ya ce, “Hajiya, ki yi mini uzuri a kan wannan.” Ba ta matsa ba.

Wasiƙa ta uku, 18 ga Yuli

A kanta akwai kwanan wata, da muƙamin wadda aka rubuta wa, da lambar takardar ɗaukar aikin kamar yadda take a kan ta kamfanin. Kanun ya ce: janye amincewa da tayin aikin mataimakin akanta. Jikinta kuma ga shi:

“Ina nuni ga takardarku ta ɗaukar aiki mai kwanan wata 1 ga Yuli, wadda na sa wa hannu ranar 4 ga Yuli, da kuma maganar da muka yi ta waya yau da safe.

Ina sanar da ku cewa na janye amincewata da wannan tayi, kuma ba zan kama aiki ba, ko a ranar 4 ga Agusta ko a ranar 18 da kuka yi mini alfarmar ɗagawa. Na karɓi wani aiki, kuma wannan shawara ce da na riga na yanke. Wannan wasiƙa ta maye gurbin saƙona na 14 ga Yuli, kuma ina roƙon a ɗauke ta a matsayin sanarwar da takardar ta tanada.

Na karɓi naira 60,000 kuɗin ƙaura ranar 9 ga Yuli. A shirye nake in mayar da su gaba ɗaya cikin kwana biyu da samun lambar asusun kamfanin. Ina kuma roƙon a soke fom ɗin mutum biyun da suka tsaya mini, a mayar musu ko a tabbatar a rubuce cewa babu wani nauyi a kansu.

Na san wannan zai sa ku sake neman wani, kuma ina ba da haƙuri a kan haka. Na gode da amincewar da kuka yi da ni da lokacin da kuka ba ni. Ina roƙon a tabbatar mini da isowar wannan wasiƙa.”

An tura ta ta imel da ƙarfe sha ɗaya, da sa hannunsa a kan kwafin da aka ɗauki hotonsa, kwana goma sha bakwai kafin ranar kama aiki ta asali. Ranar Litinin 21 ya kai ta takarda da hannunsa, kwafi biyu, sakatare ya buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya ya ba shi.

Sakamako, 23 ga Yuli zuwa Agusta

Ranar Laraba 23 kamfanin ya amsa da layi huɗu: sun karɓi janyewar, ga lambar asusu, fom ɗin masu tsayawa an soke su. Ba su nemi albashin mako biyu ba. Lambar asusun da sunan kamfanin take, abin da ya duba kafin ya tura, domin kuɗin da aka mayar ta asusun wani ma'aikaci ba ya fita daga littafin kamfani a matsayin bashi. Ranar Alhamis 24 ya tura kuɗin, ya aika da shaidar biya, ya nemi rasit, aka ba shi. Tun da bai kai ga biyan kuɗin ɗaki ba, ba sai da ya ci bashi ba. A watan Agusta ya fara horo a Abuja.

Abin da ya gaza, da abin da ya yi aiki

Wasiƙa ta farko ta gaza ne saboda ba ta ɗauke da wata shawara. Jami'in kula da ma'aikata, idan takarda ta zo gabansa, tambayar da yake yi ita ce me zan yi da wannan fayil, in rufe shi in kira wanda ya zo na biyu a ganawa, ko in jira. “Mai yiwuwa” tana ce masa ya jira, matsalar iyali kuma tana ce masa ya taimaka, kuma Hajiyar ta yi daidai abin da aka roƙe ta. Dalilin ƙarya yana da wannan illa ta musamman a irin wannan wasiƙa, cewa kusan kowane uzuri da mutum zai ƙirƙira yana da magani a hannun kamfani: rashin lafiya a ɗaga rana, nisa a ƙara kuɗin mota, karatu a sassauta lokaci. Dalilin da ba shi da magani shi ne na gaskiya, wato an karɓi wani aiki. Kwana huɗun da suka wuce tsakanin 14 da 18 kuwa kamfanin ne ya yi asararsu, domin da ya sani da ya fara neman wani.

Amma ba zan ce laifinsa shi ne jinkiri ba. Ranar 14 tayin bankin yana rataye, kuma janyewa a ranar ganganci ne. Abin da ya dace da wannan rana shi ne kada ya rubuta wa Kano komai, ya matsa wa bankin a kan tabbaci, yana kallon ranar 21 a kalanda. Da tabbacin bai zo ba har ranar, da sai ya zaɓa da idonsa a buɗe, ko ya janye ya ɗauki kasada, ko ya jira ya shirya biyan mako biyu.

Ta biyu gaskiya ce, sai dai ta faɗi abin da ba a tambaye ta ba ta bar abin da ake buƙata. Jera albashi biyu yana karantuwa ne a matsayin ciniki ko gori, layin ƙarshe kuma gayyata ce ga ƙarin da ya riga ya san ba zai karɓa ba, wanda da an yi masa shi da ya ƙi su sau biyu. Sunan sabon wurin aiki ba shi da amfani ga mai karɓar wasiƙa, kuma a garin da manajoji suka san juna, kira ɗaya na mai jin haushi yana iya isa can kafin mutum ya kama aiki. Kalmar ajiye aiki ita ma kuskure ce. Wanda bai amsa tayi ba ƙin karɓa yake yi, wanda ya amsa bai fara ba janye amincewa yake yi, wanda ya fara shi ne mai ajiye aiki, kuma Turancin ofis yana da kalma dabam ga kowanne. Idan aka rubuta ajiye aiki a wurin janye amincewa, fayil yana iya nuna mutum a matsayin ma'aikacin da ya tafi, abin da ba haka ya faru ba. Ban haƙuri sau biyar kuma yana sa mai karatu ya ji kamar har yanzu ana iya lallashin marubucin.

Ta uku ta yi aiki domin kowane sakin layi yana sauke wani nauyi guda da za a iya nunawa. Na farko ya ɗaure wasiƙar da takardar da take warwarewa, da lamba da kwanaki. Na biyu ya faɗi janyewar a jimla ɗaya, ya ambaci ranakun biyu don kada a ce ta 18 tana nan, ya soke saƙon farko da sunansa, ya kuma kira kansa sanarwa. Na uku, a ganina, shi ne ya hana maganar diyya tasowa, domin wanda ya ambaci kuɗin da ke hannunsa kafin a tambaye shi ya cire wa ɗaya ɓangaren dalilin ɗaukar takardar zuwa wurin lauya. A kan saƙon 14 ga wata mun yi gardama da shi, yana so ya rubuta cewa ya yi ƙarya. Na ga cewa neman afuwar wannan wurinsa baki ne, ga Hajiya da ga Alhaji, takarda kuma ta tsaya a kan cewa ta maye gurbin wancan, tun da fayil yana daɗewa fiye da mutanen da suka san yadda abin ya faru.

Akwai abin da wasiƙar ba ta gyara ba. Manajan bai amsa gaisuwar da yaron ya aika masa ta hannun Alhaji ba, kuma ba na tsammanin kamfanin zai sake duba takardunsa. Alhaji yana amsa wayarsa, ya kuma sa masa albarka ranar da zai tafi Abuja, amma da ƙanen yaron ya gama makaranta aka kai masa takardunsa, cewa ya yi a bari tukuna ya ga yadda na farkon zai zauna a inda ya je.